Ranar Sauƙi da Haddin Bugun Zuciya

 

Duk wanda ya lura da samarin da ke sassarfa bayan sallar Asuba a wajajen filin wasa na Giginya zai tarar galibinsu suna gudu iri ɗaya kullum, gudun da ya yi wa ranar hutu nauyi, bai kuma kai tsananin da zai ƙara musu sauri ba. Illarsa a bayyane take, domin ƙafafu kan wayi gari da nauyi, bugun zuciya na farkawa daga barci ya ɗara yadda aka saba, sa'an nan idan ranar atisaye mai tsanani ta zo, sai a iske ƙarfin ya riga ya ƙare.

Hikimar gudu a hankali ita ce, muddin numfashi yana wadatar da jiki, tsoka takan ƙara ƙananan hanyoyin jini, ta saba da ƙona kitse maimakon ta dogara ga ɗan sukarin da ta adana, zuciya kuma ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. Wannan kuwa aikin watanni ne, ba ya yiwuwa sai da gudun da jiki zai iya maimaitawa gobe.

Domin sanin haddin bugun zuciya a irin wannan gudu, Phil Maffetone ya kafa ƙa'ida mai sauƙi: a cire shekarun mutum daga 180. Mu ƙaddara saurayi ɗan shekara 30. Haddinsa bugu 150 ne a minti, sai ya tsare kansa tsakanin 140 da 150, idan kuwa yana yawan jin rauni ko ya daɗe bai motsa jiki ba, ya ƙara rage 5. In ba shi da agogon awo, ya tsaya ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga bugun daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Mark Allen, wanda ya lashe gasar Ironman ta Hawaii sau 6, da haddin 155 ya gina juriyarsa.

A nan Sakkwato akwai wani sharaɗi da nake roƙon ku riƙe da muhimmanci. A bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, jini yakan karkata zuwa fata domin sanyaya jiki, gumi kuma ya rage ruwansa, saboda haka zuciya takan ƙara bugu alhali saurin bai canja ba. Tazarar da saurayinmu ya ci cikin nishaɗi a hunturu za ta tilasta masa takawa da ƙafa a Afirilu, kuma wajibi ne ya taka, ko da abokansa sun wuce shi. Haka hukuncin yake ga mai azumi.

Ƙa'idar ƙiyasi ce, zukata kuma sun bambanta, don haka a haɗa ta da shaida ta biyu, wato iya yin hira ba tare da haki ba. Kowane wata saurayinmu ya auna kansa a tazara ɗaya, da asuba, a kan bugu 150: idan mintocin suna raguwa, tushe yana ginuwa, idan kuwa suna ƙaruwa alhali yanayi bai sauya ba, ya binciki barcinsa da abincinsa, ya kuma gwada jininsa ko zazzaɓin cizon sauro ne ke tafe.