Matakan Rayuwar Ɗan Adam da Aikin da Ke Jiransa a Kowane Mataki



An nemi in yi wa sababbin ɗalibai bayani a kan matakan da mutum yake takawa tun daga goyo har zuwa tsufa. Bahaushe ya daɗe da raba rayuwa kashi-kashi, domin yana da jinjiri da yaro da saurayi da magidanci da dattijo da tsoho, haka kuma budurwa da amarya da uwargida da gyatuma. Abin da sunayen nan ba su faɗa a fili ba shi ne aikin da zuciyar mai sunan take fama da shi a lokacin. A kan wannan ne wani masani mai suna Erik Erikson ya yi nazari, kuma ra'ayinsa zan bi a yau.

An haifi Erikson a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus cikin 1902. Ya koyi nazarin halayyar yara a Vienna a wurin Anna Freud, ya ƙaura zuwa Amirka cikin 1933, ya rasu cikin 1994. A littafinsa Childhood and Society, wanda ya fito cikin 1950, ya kasa rayuwa mataki takwas. Ya ce a kowane mataki akwai abubuwa biyu masu jan mutum, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kuma ba a cikin zuciya kaɗai ake wannan ja-in-ja ba, ana yin ta ne tsakanin mutum da jama'ar da ke kewaye da shi. Sai dai a lura da abu guda, domin nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe a jarrabawa. Bai ce lalle ɓangare mai kyau ya shafe ɗaya ɓangaren baki ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne ya rinjaye shi. Yaron da bai san rashin yarda ko kaɗan ba, duk wanda ya miƙo masa alewa sai ya bi shi.

Mataki na farko daga haihuwa ne zuwa kamar shekara ɗaya da rabi, kuma aikinsa shi ne yarda. Jinjiri ba ya iya yi wa kansa kome. In ya yi kuka aka zo, ya ji yunwa aka ba shi nono, yau da gobe, sai ya ɗauka duniya wurin aminci ce. Alamar da Erikson ya bayar ita ce uwa ta ɓace wa idon ɗanta bai firgita ƙwarai ba, saboda ya sakankance za ta dawo.

Daga nan zuwa shekara uku, wato wajen lokacin yaye, yaro yana tafiya, yana koyon riƙe fitsari da bayan gida, yana fizge cokali wai shi zai ci da kansa. Aikinsa shi ne ya ji yana da iko da jikinsa. In kullum tsawa da dariya yake sha duk sa'ad da ya ɓata wando, sai shakkar kansa da jin kunya su rinjaya. A matsayina na malamin harshe dole in tsaya a kan wannan kalma. Kunyar da Erikson yake nufi ita ce jin an tozarta ka a gaban idon mutane, har ka so ƙasa ta tsage ka shige. Ba ita ce kunyar da muke yabo ba, wadda ke sa mace ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari, ko saurayi ya sunkuya gaban surukinsa. Wanda ya haɗa su wuri guda zai zaci ana zagin tarbiyyarmu ne.

Mataki na uku, daga shekara uku zuwa biyar ko shida, lokacin wasan 'yar tsana ne da motar kara da tambayar da ba ta ƙarewa. Yaro yana koyon ƙirƙiro abu da kansa, kishiyar wannan kuwa ita ce ya riƙa jin duk abin da ya faro laifi ne. Na huɗu shi ne shekarun makaranta, daga shida zuwa goma sha biyu, ko makarantar allo ce ko ta boko ko gindin maƙera. A nan yaro yake gane cewa ana samun yabo ta hanyar gama aiki, yana kuma auna kansa da tsararrakinsa. Wanda aka yi ta kiran sa daƙiƙi yakan fita da raina kai, har ya girma yana gudun duk aikin da za a duba.

To, yanzu mun iso inda yawancinku kuke. Mataki na biyar yana farawa da balaga, kuma tambayarsa ita ce: ni wane ne, me kuma zan zama? Erikson ya fi daɗewa a kan wannan mataki, watakila domin shi kansa bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Sunan mijin uwarsa, Homburger, ya tashi da shi, sai da ya zama ɗan ƙasar Amirka cikin 1939 sannan ya ɗauki sunan Erikson. Sanin kai, a wurinsa, shi ne mutum ya ji yaron da yake jiya da babban da zai zama gobe mutum ɗaya ne, kuma jama'arsa su tabbatar masa da haka. Wannan sharaɗi na biyu ya gan shi ƙuru-ƙuru a wurin kabilar Sioux ta jihar Dakota ta Kudu, inda ya je nazari a ƙarshen shekarun 1930. Iyaye suna renon yara da ɗabi'un mafarautan ɓauna, alhali kuwa an riga an ƙarar da ɓaunar, makarantun gwamnati kuma suna koya musu wata rayuwa dabam. Malamai suna kukan yaran sun yi tsit, ba su da himma. Erikson ya ce ba lalaci ba ne, yaran sun rasa gobe ce wadda jiyansu za ta zarce cikinta.

Ta yaya za a gane inda saurayi ko budurwa suke a wannan aiki? Wani masani, James Marcia, ya fito da ma'auni cikin 1966, bayan ya yi hira da ɗaliban jami'a 86, dukansu maza, a kan sana'a da addini da siyasa. Abu biyu yake dubawa. Na ɗaya, shin mutum ya taɓa tsayawa ya auna hanyoyi dabam-dabam? Na biyu, shin ya tsai da shawara a kan wata har ya ɗaure mata gindi? Daga amsoshin nan biyu ake samun hali huɗu.

Bari mu ƙaddara ɗalibai huɗu ne a ɗaki ɗaya, duka suna karatun likita a shekarar farko. Na farko tun yana firamare ake kiran sa Likita a gida, bai taɓa tunanin wani abu ba. Ya tsai da shawara ba tare da awo ba, wato an yanka masa riga ya sa. A ido ya fi kowa natsuwa. Amma ranar da ya faɗi jarrabawar kimiyyar haɗe-haɗe aka ce ya sake fanni, shi ne zai fi kowa rushewa, domin ba shi da wani kansa sai wannan. Na biyu yana shiga laccar Tarihi a ɓoye, ya je wurin shugaban sashe sau biyu yana tambayar yadda ake canja kwas, barci ma ba ya samu sosai. Wannan yana cikin awo, bai yanke ba tukuna. Iyaye sukan ɗauka ya lalace, alhali aikin matakinsa yake yi. Na uku in ka tambaye shi sai ya ce nan aka ba shi, ko ina ma ɗaya ne. Bai auna ba, bai kuma yanke ba, kuma shi ne wanda ya kamata malami ya sa wa ido, ko da ba ya damun kowa. Na huɗu ya yi irin wahalar na biyu bara, ya zauna da wani ma'aikacin asibiti, ya ga jini ya ga kwanan aiki, sannan ya zaɓi likitanci da kansa.

Na farko da na huɗu amsa ɗaya za su ba ka in ka tambayi me za su zama. Abin da ke raba su shi ne ka ce: in wani abu da ya fi wannan ya samu, za ka bari? Na farko zai ji kamar ka zage shi. Na huɗu zai yi shiru kaɗan, sannan ya kawo maka dalilansa. Ni dai a ganina ba laifi ba ne mutum ya gaji sana'ar gidansu, kuma bai kamata a ce wa kowane ɗan maƙeri mai ƙira an rufe masa ido ba. Abin dubawa shi ne ko ya mai da gadon nasa ne, ko kuwa aro yake riƙe da shi. Binciken da aka yi daga baya ya kuma nuna mutane da yawa suna haura shekara ashirin da biyar ba su gama wannan aiki ba, wasu ma sukan gama su sake komawa awo in aiki ya kuɓuce ko aure ya mutu.

Mataki na shida, daga wajen ashirin zuwa arba'in, shi ne shaƙuwa, kishiyarta kaɗaici. Erikson ya sa shi bayan sanin kai da gangan, domin a ganinsa wanda bai riƙe kansa ba yana tsoron in ya kusanci wani zai narke ya ɓace. Ana iya yin aure har da 'ya'ya, amma kowa yana zaune a tsibirinsa. A nan ne Carol Gilligan ta yi suka cikin 1982, ta ce tsarin da rayuwar maza aka auna shi, mata da yawa kuwa ta cikin dangantaka suke sanin kansu. A ƙasar da ake aurar da yarinya kafin ta kai ashirin, wannan suka tana da ƙarfi, don matakan biyu a lokaci guda suke faɗo mata.

Na bakwai naku ne, ma'aikata, daga arba'in zuwa wajen sittin da biyar: kula da na baya. Ba haihuwa kaɗai ake nufi ba. Babban akawun da ya zaunar da sabon ɗauka ya koya masa rubuta takardar ofis yana wannan aiki. Wanda ya kulle fayil a durowa don kada na ƙasa ya iya, ba ya zancen kome sai ƙarin girma da ciwon bayansa, shi ne wanda Erikson ya ce ya tsaya cik kamar ruwan kududdufi.

A mataki na takwas tsoho yana waiwayen abin da ya wuce. In ya karɓi rayuwarsa a matsayin tasa, da daɗinta da ɗacinta, sai ya samu natsuwa, mutuwa ma ta rage ba shi tsoro. In kuwa ya ga lokaci ya ƙure ba damar sakewa, sai yanke ƙauna, wadda sau da yawa takan fito da siffar ƙyamar kowa da kome. Matar Erikson, Joan, wadda suka yi aikin nan tare, ta ƙara mataki na tara a bugun 1997 na littafinsa na ƙarshe kan wannan tsari, bayan ita kanta ta haura shekara casa'in. Ta ce sa'ad da ƙafa ta daina ɗauka, ido ya dushe, har sai an kai mutum bayan gida, tambayoyin farko duka sukan dawo: ko zan yarda da mai kula da ni, ko ina da sauran iko da jikina.