Yadda Ake Fasa Rubutun Sirri Na Musanyar Haruffa

Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Anka da Gummi da Bukkuyum. Yau sai kowa ya nemo biro da takarda, domin aiki za mu yi tare.

Yawancinmu mun yi zaurance muna yara, inda ake cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma don kada babba ya gane abin da ake faɗa. To, a rubuce ma akwai ɗan'uwansa. Mutum zai ɗauki kowane harafi ya ba shi wani harafin ya tsaya a madadinsa, kuma ba zai canza ba har ƙarshen saƙon. Idan ya ce X ce a madadin wani harafi, to duk inda wannan harafin ya zo X zai rubuta. Jerin wannan musanya shi ake kira mabuɗi.

A ido abin kamar ba ya fasuwa. Idan haruffa 26 ne, yawan mabuɗan da za a iya haɗawa lamba ce mai gurbi 27, babu mai gwada su ɗaya bayan ɗaya. Amma ba sai an gwada ba. Tun ƙarni na 9 wani malami a Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta hanyar fasa shi. Abin da ya lura da shi shi ne, harafi yana iya sauya riga amma ba ya sauya hali. Wanda ya fi yawa a harshe shi zai fi yawa a rubutun sirrin. A Larabci alif da lam ne kan gaba, a Turanci e ce, a Hausa kuwa a ce, da tazara mai yawa.

Ga saƙon da na shirya mana:

```
CXJXLXV XVHX WX VX ZPCCE FX LP JXQP X
HXLPTXQ OPHHPDPC QXVXQ XLXOXQ WX LXGB
```

Matakin farko ƙirge ne. Haruffan duka 61 ne. X ta fito sau 19, P sau 7, L da Q sau biyar-biyar, sai V da C da H sau huɗu-huɗu. Saura duk sau ɗaya ne ko biyu. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na saƙon X ce. Zuciya ta riga ta ce a ce, amma kada mu tsaya a ƙirge kaɗai, mu nemi shaida ta biyu daga gajerun kalmomi.

Ku duba ƙarshen layin farko, X ta tsaya ita kaɗai a matsayin kalma. Wane harafi ne ya saba tsayawa shi kaɗai a Hausa? A ce, kamar a gida, a gona. Sannan akwai kalmomi biyar masu haruffa biyu, huɗu daga ciki da X suka ƙare. Ku tuna da, na, ta, ya, ba, za, ka, ma. Shaida ta cika. Daga yanzu duk harafin da muka gano za mu rubuta shi ƙarami, wanda ba mu gano ba mu bar shi babba.

```
CaJaLaV aVHa Wa Va ZPCCE Fa LP JaQP a
HaLPTaQ OPHHPDPC QaVaQ aLaOaQ Wa LaGB
```

Kun ga har ƙashin saƙon ya fara bayyana. Ginin kalmar Hausa galibi baƙi ne sai wasali, baƙi sai wasali, don haka harafin da ke zaune tsakanin a biyu kusan ko da yaushe baƙi ne. J da L da V da O duk sun shiga wannan sahu.

Yanzu mu koma ƙarshen kalmomi, nan ne Hausa take tona wa mai ɓoye asiri. Mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Idan ka ga kalma ta ƙare da baƙi, to fara zargin n ko r, waɗanda muke liƙawa don nuna mallaka: gidan Audu, motar Audu. A saƙon nan kalma ɗaya ta ƙare da V bayan a, uku sun ƙare da Q bayan a. Ke nan ɗaya n ce, ɗaya r. Wacce ce wacce?

Kalmar QaVaQ ita za ta raba gardama, domin duka biyun suna cikinta. Idan Q ce n, V ce r, kalmar ta zama naran, wadda ba ta ce mana komai ba. Idan muka juya, sai ta zama ranar. Mu gwada a wani wurin: Va ta zama na, kalmar da muke faɗa kullum. Da mun ɗauki ɗayar hanyar da ra za mu samu. Wannan ita ce ƙa'idar aikin gaba ɗaya, duk hasashen da ka yi a kalma ɗaya, ka kai shi wata kalmar ka gani ko zai zauna.

Me ke biyo bayan ranar? Sau da yawa sunan rana ne. Kalmar da ke gaba ita ce aLaOar, haruffa shida. Ku jero ranakun mako: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Guda ɗaya ce ta fara da a ta ƙare da ar. Mun samu L ce s, O ce b. Ku lura r ɗin Asabar ba ta mallaka ba ce, ta jikin kalmar ce, amma duk da haka ta yi mana amfani.

```
CaJasan anHa Wa na ZPCCE Fa sP JarP a
HasPTar bPHHPDPC ranar asabar Wa saGB
```

To, ga inda ake yawan zamewa. P ce ta biyu a yawa, kuma wasali ce, domin ta ƙare kalmomi biyu kuma ko sau ɗaya ba ta jeru da a ba. Wanda ya dogara da ƙirge kaɗai zai ce i ce, tunda i tana cikin haruffan da suka fi yawa a Hausa. Mu gwada: sP ta zama si, ba kalma ba ce. Idan o ce, ta zama so, wannan kalma ce, amma doguwar nan za ta koma boHHoDoC, kuma o ba ta cika yin yawa haka ba. Sai u: sP ta zama su, HasPTar ta zama HasuTar. Ƙarshen nan ya yi kama da war, wato kalma mai ƙarewa da wa da aka liƙa wa r. Wani zai ce rasuwar. A'a, r ta riga ta zama ta Q, harafi ɗaya ba ya sa riga biyu a wannan tsarin. Kuma kalmar da ta gabace ta a ce, alamar wuri ake nufi. Kasuwar ce. H ce k, T ce w.

Daga nan abin gangara ne. Doguwar kalmar ta zama bukkuDuC. Ɗan Kano zai iya tsayawa yana kallonta, mu kuwa mun san Bukkuyum ce. C ce m, D ce y. Sai ZummE ta ba da kanta, Gummi. Kalmar farko maJasan, matasan ke nan, kuma idan J ce t, Jaru ta zama taru, ta zauna daidai. Fa su taru fa? Ba za ta zama ba su taru ba, domin b ta tafi wurin O. Za su taru ne. Wa da ta fito sau biyu da ce. Saura saGB, wadda haruffanta biyu sau ɗaya tak suka fito, ƙirge ba zai taimaka ba ko kaɗan. Ma'ana ce za ta ƙarasa: ranar Asabar da safe.

Ga saƙon: Matasan Anka da na Gummi za su taru a kasuwar Bukkuyum ranar Asabar da safe.

Ku duba abin da ya faru da i. Sau ɗaya kacal ta fito a saƙon, a ƙarshen Gummi, u kuwa sau bakwai, uku daga ciki sunan Bukkuyum ne ya kawo su. Gajeren saƙo haka yake, kalma ɗaya tana iya karkatar da ƙirge. Shi ya sa a saƙo irin wannan harafin farko kaɗai ƙirge ya ba mu, sauran aikin gajerun kalmomi da ƙarshen kalmomi suka yi. Idan saƙon ya kai shafi guda, ƙirge ya fi faɗin gaskiya.

Akwai kuma batun karin harshe. Kalmar anka a saƙon nan sunan gari ce, amma rubutun sirri ba ya nuna babban harafi da ƙarami. A bakinmu na yamma anka tana nufin abin da Bakano zai ce aka, kamar yadda muke cewa munka da sunka. Sai da muka ga da na Gummi sannan ta tabbata gari ne. Don haka idan marubucin da Zamfarci yake rubutu, ka sa ran n da k za su ƙaru, ka nemi kalmomi masu ƙarewa da nka. Sanin bakin mai saƙo rabin mabuɗi ne.

Mai ɓoyewa yana iya wahalar da kai. Zai iya cire tazarar da ke tsakanin kalmomi, sai ka rasa gajerun kalmomi da ƙarshensu a tashin farko. Zai iya ba a alamomi uku ko huɗu don yawanta ya ɓace. Idan ka ƙirga ka ga babu harafin da ya yi wa saura nisa, to ko dai an yi hakan, ko ba Hausa ba ce, ko kuma ba wannan tsarin ba ne.

Duk da haka kada wani ya ɗora sirri mai nauyi a kan irin wannan rubutu. A 1586 Sarauniya Mary ta Sikotland, tana tsare a Ingila, ta yi musayar wasiƙu da masu shirin kashe Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, cikin rubutun da ya fi namu wuya, don har da alamomin da ke tsayawa a madadin kalma sukutum. Thomas Phelippes ya karance su, aka kafa hujja da su, aka fille mata kai a 1587. Mu ma cikin 'yan mintuna mun fito da su wa za su taru, a ina, wace rana, da wane lokaci. A yankinmu, inda labarin wanda zai bi wace hanya da yaushe yake iya zama batun rai, wannan wasan ƙwaƙwalwa ne kawai, ba makulli ba ne.

Ga na gida, da mabuɗin da muka gano yanzu:

```
LPV ELX ZPCCE WX DXCCX
```

Za ku ga ko minti ɗaya ba zai ɗauke ku ba, kuma wannan shi ne haɗarin maimaita mabuɗi: wanda ya fasa saƙo ɗaya ya fasa duk na bayansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, wassalamu alaikum.