Lissafin Ragi, Haraji da Tukwici da Ka

Yau hirar tamu ta lissafi ce, amma ba sai kin nemi biro ko na'ura ba. Dillaliya ta shigo da kaya ta ce an yi ragin kashi kaza cikin ɗari, ko yaro ya dawo aike da rasit an ɗora haraji a ƙasa. Ke da ba ki je kasuwar ba, yaya za ki gane daidai ne?

Abu guda za ki riƙe, shi ne ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, kamar mudu ɗaya a cikin mudu goma. Shi ne ake kira kashi 10 cikin 100. Fitar da shi ba wuya: ki yar da sifirin ƙarshe na kuɗin. Ushirin naira 18,000 shi ne 1,800, na 5,000 kuma 500. In kin raba ushiri biyu kin sami kashi 5, in kin ninka shi kin sami kashi 20.

To bari mu gwada. A ce turmin atamfa naira 18,000 ne, an yi ragin kashi 15. Ushiri 1,800, rabinsa 900, a haɗa ya zama 2,700. Wannan shi ne ragin. Wajen cirewa ne kai yakan ɗaure, don haka kada ki yi kokawa da 2,700. Cire 3,000 cif, saura 15,000, sannan ki mayar da 300 da kika cire fiye da kima. Kuɗin turmi ya zama 15,300. In kuma farashin mai wutsiya ne, kamar 17,800, ki ɗauke shi a 18,000, sai ki san abin da za ki biya zai ɗan gaza 15,300, ba zai wuce ba.

Akwai wani wurin da ake zamewa. Mai kaya ya rage kashi 20 a kan 10,000, kika taya ya sake rage kashi 10. Za ki zaci kashi 30 ke nan, a biya 7,000. A'a. Ragin farko ya kawo kuɗin 8,000, ragi na biyu kuwa daga 8,000 ɗin ake fitar da shi, wato 800. Saura 7,200. Ba cuta aka yi miki ba, haka lissafin yake, sai a yi wa ɗan aike uzuri.

Sai haraji. Wanda kike gani a rasit ɗin manyan kantuna da haruffa uku, VAT, a Nijeriya kashi 5 ne a da, amma tun Fabrairun 2020 ya koma kashi 7 da rabi. Wannan rabin ne ke tsorata mutane, alhali da sauƙi: fitar da ushiri, ki cire masa kwatarsa. Keken ɗinki na naira 120,000, ushirinsa 12,000, kwatar ushirin 3,000, saura 9,000. Za a biya 129,000 ke nan. In kina so ki tabbatar, ga wata hanyar: kowace dubu harajinta naira 75 ne, dubu goma 750, dubu ɗari 7,500. Dubu ashirin ɗin da ta rage 1,500, a haɗa 9,000. Hanya biyu sun faɗa wuri guda.

Ki lura da abu biyu a nan. Kayan abinci na yau da kullum irin su gero da masara da shinkafa ba a ɗora musu wannan haraji. Sannan a kantuna da yawa an riga an haɗa shi cikin farashin da ke jikin kaya, don haka ki koya wa yaro ya tambaya ko an haɗa, kada a biya sau biyu.

Tukwici shi ba doka ba ce, ra'ayinki ne, amma in kun yi da yarinya mai talla ko dillaliya a kan kashi 10, to ushirin nan ne dai. Ta sayar da ƙosai na 3,500, nata 350. Ni dai shawarata, tukwici a cike shi sama ya zama 400, tunda canjin hamsin wuya yake yi. La'adar dillaliya kuwa ku yanke tun kafin ta fita da kaya, ku kuma faɗa ƙarara: daga kuɗin da aka sa wa kayan za a fitar, ko daga abin da aka sayar bayan ciniki? Gadon da kika sa wa 60,000 aka saya 50,000, la'adarsa a wannan 6,000 ce, a wancan 5,000, kuma a kan wannan dubu guda ake ɓatawa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A gaida maigida da yara.