Awon Tazarar Taurari da Rangwamen da Masana Nujumu Suka Yarda da Shi



Duk wanda ya buɗe tsofaffin littattafan nujumu zai tarar ana cewa tauraro kaza yana kallon tauraro kaza. Wannan kallo lissafi ne, kuma yau ina so mu yi shi tare, don ku ga inda awo ya ƙare, ra'ayin mutum ya fara.

An raba hanyar da rana ke bi a sama zuwa daraja 360, burji goma sha biyu, kowanne daraja 30. Idan taurari biyu suka tsaya a daraja ɗaya, wannan muƙarana ce. Tazarar 60 tasdisi, 90 tarbi'i, 120 taslisi, 180 muƙabala. Batlamus na Iskandariya ya yi bayanin waɗannan kusurwoyi a ƙarni na biyu, malaman Larabci kuma suka gada. Ku lura, tsawon hanyar kawai ake aunawa, ba ainihin nisan da ke tsakanin taurarin ba. A ranar 21 ga Disamba 2020, Mushtari da Zuhal sun matsu har suka kusa zama ɗigo ɗaya ga mai kallo da ido, alhali tsakaninsu ɗaruruwan miliyoyin kilomita ne.

To, da wuya a tarar da tazara ta faɗa kan 90 ko 120 cif-cif. Shi ya sa aka yarda da rangwame. Magabata sun ɗora shi a kan tauraron kansa, suna ganin kowanne yana da da'irar haske gwargwadon ƙarfinsa. Biruni, a littafinsa Attafhim na shekarar 1029, ya ba Rana 15, Wata 12, Zuhal da Mushtari 9, Mirriku 8, Zahara da Uɗaridu 7. William Lilly na Ingila, a 1647, ya bi ƙa'idar haɗa rangwamen taurarin biyu a raba biyu. Yawancin na zamani kuwa sun mayar da shi kan kusurwar: wajen daraja 8 ga tarbi'i da taslisi, ƙasa da haka ga tasdisi.

Bari mu gwada. A ce Wata yana daraja 10 a burjin Sauru, Zuhal yana daraja 19 a Asadu. Da farko a mayar da kowanne zuwa lissafin da'ira daga farkon Hamalu. Sauru burji na biyu ne, yana farawa daga 30, saboda haka Wata yana 40. Asadu na biyar ne, yana farawa daga 120, Zuhal ke nan yana 139. A debe 40 daga 139, saura 99. Kusurwa mafi kusa ita ce tarbi'i, an kuma zarce ta da daraja 9. Shin akwai kallo? Mai bin lambobin Biruni da ƙa'idar rabi zai haɗa 12 da 9, ya sami 21, rabinsa goma da rabi. Tara ta shiga ciki, zai ce akwai tarbi'i. Mai rangwamen 8 zai ce babu. Sama ɗaya ce, sa'a ɗaya, amsa biyu.

Da sauran aiki. Dole a duba wanda ya fi sauri. Wata yana cin wajen daraja 13 a kwana ɗaya, Zuhal kuwa da ƙyar yake gusawa. Nan da sa'a goma sha shida zuwa sha bakwai Wata zai kai daraja 19 a Sauru, tazarar ta zama 90 daidai. Wannan shi ne ittisali, kallo mai matsowa, wanda masu fannin suka fi ba nauyi. Da Wata ya riga ya wuce wurin, sai a ce insirafi. Idan tauraro yana cikin komawa baya, hukuncin yana iya juyawa, don haka a duba jadawalin gobe, kada a tsaya ga na yau.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi yana bakin da'ira. Mushtari a daraja 25 ta Hutu yana 355, Mirriku a daraja 2 ta Hamalu yana 2. Bambancin 353 ne, amma duk abin da ya haura 180 ana debe shi daga 360, saura 7. Rabin 9 da 8 takwas da rabi ne, saboda haka muƙarana ce a awon daraja. Sai dai burjinsu daban-daban ne, kuma mai ƙirga kallo daga burji zuwa burji zai ƙi ta.

Jama'a, matsayin tauraro ilmin falaki ne, kowa zai iya tabbatar da shi da jadawali da na'ura. Rangwame kuwa yarjejeniya ce ta masu fannin, ba a auno shi daga sama ba, shi ya sa suka saɓa. Kimiyya ba ta sami hujjar cewa waɗannan kusurwoyi suna juya rayuwar mutum ba, malaman addini kuma sun yi hani da neman sanin gaibu ta taurari. Ɗalibin tarihi da ya ɗauki rubutun hannu ya ga an ce tarbi'i, sai ya fara binciko lambobin da marubucin ya bi da ƙa'idar da ya haɗa su da ita, kafin ya ce ya yi daidai ko ya yi kuskure.