Ban ruwa ga murfin masai a lokacin zafi

Mun zagaya mun ga wasu murafen masai da aka zuba kwanan nan sun tsattsage, in aka karce da ƙusa sai gari ya tashi. Galibi rana da iska ne suka shanye ruwan tun siminti bai kama ba. Kankare da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da wuri sai ya yi rauni. 'Ya'yanmu ne kuma za su tsuguna a kai, ga rami a ƙasa.

Mu riƙa zubawa da yamma. Da an gama shafe fuskar, a rufe da leda. Washegari a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara ko ɗanyen yashi, a mayar da ledar, a danne gefenta da duwatsu. Mun san wahalar layin famfo, amma ledar tana riƙe danshi, yayyafawa safe da yamma ta isa. A leƙa da rana, in buhu ya bushe a ƙara. Haka har kwana 7 aƙalla.

Murfin da tsaguwarsa ta ratsa har ƙasa, kada a ɗora shi. A sanar da mu.