Layi huɗu a ƙarƙashin hoto: yadda za mu gabatar da ma'aikatanmu

Na san an daɗe a zaune kuma zafi ya yi, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana kan ɗan bayanin nan da ake sawa ƙarƙashin hoton ma'aikaci idan ƙungiya za ta nuna mutanenta. Layi huɗu ne ko biyar, amma na ga sun hana mutane barci, kuma ni kaina sun taɓa jawo mini faɗa. Labarin faɗan zan ba ku, don a cikinsa na koyi abin da na sani.

A wata ƙungiya da na yi wa aiki, an ɗora mini rubuta bayanin kowa. Cikin ma'aikatan akwai wata yayarmu da ke bin ƙungiyoyin asusun mata a ƙauyukan Maraɗi, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara da aka fara a yankin tun 1991. Ba zan faɗi sunanta ba, mu ce da ita Wance. Na ɗauki takardunta na neman aiki, na juya faransancin zuwa Hausa, ga abin da ya fito:

“Wance ƙwararriya ce mai himma da kuzari. Tana da gogewa mai yawa a fannin ƙarfafa al'umma da ci gaba mai ɗorewa. Ta halarci horo daban-daban a ciki da wajen jiha.”

Kun ji kamar aiki ya yi, ko? To ku sa babban yatsa ku rufe sunan da hoton, ku sake karantawa. Wa ake nufi? Zai iya zama ni, zai iya zama kontabul ɗinmu, zai iya zama wani a Tawa da ba mu taɓa gani ba. Wannan gwajin yatsa shi ne na farko da nake yi wa kowane bayani yanzu. In an rufe suna kuma maganar ta dace da kowa, to ba a faɗi komai ba. “Himma”, “kuzari”, “gogewa mai yawa”, duk kalmomi ne da ba a iya bincika su. Mai ba da tallafi da ke karanta takardun ƙungiyoyi goma a yini ɗaya tsallake su yake yi, don kowa su yake rubutawa.

Shugabanmu ya karanta ya ce ya bushe, in sa masa rai. Sai na faɗa ɗaya ramin. Na rubuta:

“Wance uwar marayu ce, gatan marasa gata, mai haƙuri da son jama'a. Matar aure ce mai ƴaƴa biyar, tana zaune a unguwa kaza. Ta sadaukar da rayuwarta don ceto matan karkara daga talauci.”

Ni a raina na ce yanzu kam na burge. Na kai mata biro ta karanta. Ta yi shiru, sannan ta ɗago ta ce: “Ƙanena, yaushe ka zama maroƙi? Kuma wa ya aike ka ƙirga mini ƴaƴa?” Wallahi sai na rasa inda zan sa fuskata. Amma abin da ya fi ɓata mata rai ba ƴaƴan ba ne. Cewa ta yi: “Matan nan da ka kira marasa gata, kuɗinsu suke tarawa kowane mako. Ban taɓa ba su dala ba. Ɗiyansu suna lakwal, suna da salula, za su karanta musu wannan. Da wane ido zan koma in zauna a tabarmarsu?”

Nan na gane cewa mutum biyu ne ke karanta layukan nan. Akwai na ofis, a Yamai ko a waje, da yake son ya sani ko za a iya danƙa wa wannan mutum aiki da kuɗi. Akwai kuma na gida, mai gari ko ɗiyar wata mata da ke cikin asusun, da yake son ya ji ko wannan mutum yana ganin girmansu. Rubutuna na farko bai gamsar da na ofis ba. Na biyu kuwa ya zagi na gida, alhali ni a zatona kirki nake yi. Mu Hausawa muna da hanyar yabon mutum, kirari, kuma yana da wurinsa: biki, naɗin sarauta, filin kokowa. Da an ce mana “ka sa rai”, can hannunmu ke tafiya. Amma kirari ba ya ɗaga mutum sai ya ƙasƙantar da na kusa da shi. Kafin a samu gatan marasa gata, sai an mai da wasu marasa gata.

Ga yadda muka gyara. Na ajiye takardu na zauna da ita. Ban tambaye ta me take so a faɗa a kanta ba, don na san amsar: “Rubuta duk abin da ka ga dama.” An rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, mutumin kirki ba zai buɗe baki ya yabi kansa ba. Sai na tambaye ta aiki. Na ce: “Yaya, fitar da kika yi ta ƙarshe, daga saukarki mota me kika yi?” Wannan kam ta amsa ba kunya, har da dariya. A cikin hirar ta ce ita ba ta taɓa akwatin kuɗi, ba ta riƙe makulli. Matan da aka zaɓa su ke buɗewa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, ita tana gefe. Na ce tsaya, wannan nake nema. Ga abin da muka rubuta tare:

“Malama Wance ce ke kula da ƙungiyoyin asusun mata a ƙauyuka 14 na jihar Maraɗi. Ta shigo aikin a 2016, bayan shekara 6 tana koyar da karatun manya. Tana koya wa mata riƙe littafin kuɗi da tsara bashi a tsakaninsu, da Hausa da Fulatanci. A wurin taro ba ta taɓa akwatin kuɗi: matan ne ke buɗewa su ƙirga, ita tana gefen tabarma tana saurare.”

Bai kai kalma 80 ba. Ku duba, babu sifa ko ɗaya ta yabo a ciki. Jimla uku na farko abubuwa ne da za a iya bincikawa: aikinta, yawan ƙauyuka, shekara, harsuna. Su ne ke sa na ofis ya natsu. Jimla ta huɗu ita ce mai ran, kuma daga cikin aikin ta fito, ba daga ɗakinta ba. Ban ce tana da amana ba, ban ce tana girmama mata ba. Mai karatu ya gan ta a gefen tabarma, ya yanke hukunci da kansa. Kuma wannan jimlar ta yi wa masu karatu biyun aiki lokaci guda: na ofis ya ga ba a wasa da kuɗi, na gida ya ga matan ne ke da abinsu.

Irin wannan jimla guda ɗaya tak ake sawa. Na gwada biyu, sai abin ya koma hira.

Wani zai ce ita tana da tabarma da ƙauye, to mai zaman biro fa? Kowa yana da tasa, sai dai an tona. Kontabul ɗinmu, da na tambaye shi, ya ce in rasit bai yi ba, ba ya mayar da shi da jan biro kawai, kiran mutum yake ya nuna masa inda ya kuskure. Ita muka sa. Direba kuwa ya ce kafin kowace tafiya shi ke duba ruwan sha na mutanen da zai ɗauka, ba na mota kaɗai ba. Tunda na ambaci direba: tsawon bayaninsa ya zama daidai da na shugaba. In shugaba ya samu layi goma sha biyu, direba ya samu rabin layi, to kun riga kun gaya wa duniya yadda kuke zaune a cikin gida, ko da kuna ta maganar adalci a sama.

Yanzu abin da ba a sawa, kuma wannan ba maganar salo ba ce. Kun lura na ce ƙauyuka 14, ban jera sunayensu ba. Mun san halin da wasu yankunanmu na kan iyaka ke ciki. Mutum yana fita daji, ana danganta shi da kuɗi, sai mu buga hotonsa, unguwarsu, yawan iyalinsa da ranar da yake bin hanya kaza? A'a. Sunan jiha ya isa. Lambar salula kuma ta ƙungiya ake sawa. Maganar aure ma a bar ta, sai in mai ita ta nema. Ku lura ma, mata muke yi wa wannan. Ban taɓa ganin an fara bayanin namiji da cewa magidanci ne mai mata biyu ba.

Batun laƙabi, tambaya ake yi. Wata tana son Hajiya, wata ta fi son Malama ko Madam, wani kuma ba ya son komai. Amma Dokta da Injiniya sai wanda ya karanta. Kada a liƙa wa mutum don ado, ranar da aka bincika ƙungiyar ce za ta ji kunya. Wanda kuma bai yi dogon karatu ba, ba sai an yi masa kwaskwarima ba: a faɗi shekarunsa a aikin da abin da hannunsa ya iya.

Ana yawan tambayata ko a rubuta da “ni” ko da “shi” da “ita”. Na fi son “ita”. Jimlar nan ta akwati, in an ce “ba na taɓa akwatin kuɗi”, a kunnen Bahaushe sai ta yi kama da mai wanke kansa. In wani ya faɗa, shaida ce. Duk wanda kuka zaɓa dai, kowa ya bi shi. Na faransanci kuma a rubuta shi daban, kada a juya kalma da kalma kamar yadda na yi da farko, amma lambobi su zama ɗaya. Kada Hausa ta ce 14, faransanci ya ce 20. In shekara ta zagayo a sake dubawa, don ƙauyuka na ƙaruwa, mutane na canza aiki.

Kuma kafin ya fita, mai shi ya ji shi da kunnensa. Ku karanta masa da baki. In ya sunkuyar da kai yana “kai, ka yi yawa”, akwai kirari a ciki, ku nemo shi ku cire. In ya ce “to, ba laifi” da fuska a sake kamar maganar wani ake yi, ba ku samu jimla ta huɗu ba tukuna.

Yanzu kowa ya juya wajen na kusa da shi. Minti goma. Ka tambaye shi abin da ya yi a ranar aikinsa ta ƙarshe, ka rubuta masa jimla huɗu, shi ma ya rubuta maka. In mun gama zan karɓi takardun in rufe sunayen, in karanta da ƙarfi, mu ga wa za a gane.