Yadda A Ke Gane Fulawa Ta Wajen Fure Da Ganye

Yau za mu yi magana a kan itatuwa biyu na ado, waɗanda mutane ke kira fulawa. Wanda ya shiga Kano ta hanyar Ɗambatta ko ta Bichi ya gan su a bakin makarantu da asibitoci. Ɗaya sunansa hibiskus, ɗaya kuma bogenbiliya. Mutane da yawa launi kaɗai su ke dubawa, su ce ja ne. To, launi ba ya raba su, gama kowannensu akwai ja, akwai fari, akwai rawaya.

Mu fara da hibiskus, domin danginsa suna cikin gonakinmu. Ɗan'uwan rama ne da yakuwa, kuɓewa da auduga ma danginsa ne. Ku tuna da furen kuɓewa da sassafe. Kunnuwa biyar gare shi, da duhu a tsakiya, da wani ɗan tsinke mai gari rawaya. Haka furen hibiskus ya ke, sai dai ya fi girma, tsinken kuwa dogo ne, ya fito waje sosai. A bakin tsinken akwai 'yan kawuna biyar kamar kan allura. Ku juya furen, za ku ga ƙoƙo kore yana riƙe da shi. Irin wannan ƙoƙo ne ke kumbura ya yi ja a jikin yakuwa, shi ne zoɓon da mu ke jiƙawa. Furen ba ya daɗewa. Ya buɗe da safe, gobe ko jibi ya yanƙwane ya faɗi.

Hibiskus iri-iri ne. Akwai mai kunnuwa biyar sak. Akwai mai kunnuwa birjik a cukurkuɗe, har tsinken ba ya ganuwa sosai. Akwai kuma wani daga gabashin Afirka, furensa yana reto kai ƙasa, kunnuwan a tsattsage sun lanƙwashe baya. Ganyensu duka bakinsa haƙora-haƙora ne kamar zarto, kuma ba su da ƙaya.

Bogenbiliya kuwa baƙo ne daga Amirka ta Kudu. An sa masa sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Buganbil, wanda ayarinsa ya yada zango a ƙasar Barazil cikin 1767. Abin mamaki gare shi, jan nan da mu ke hangowa ba fure ba ne, ganye ne da ya rine. Ku ɗaga ɗaya wajen rana, za ku ga jijiyoyi kamar na ganye, ga shi sirit kamar takarda. Uku-uku su ke haɗuwa. Furen na gaske yana tsakaninsu, ƙanƙane, fari-fari, kamar ɗan kakaki, shi ma uku. Shi ya sa jan ya ke makonni bai gushe ba. Bakin ganyensa sumul ne, kuma akwai ƙaya a inda ganye ya haɗu da reshe. Manyan irinsa biyu ne, yatsa ke raba su. In kun shafa ganyen kun ji santsi, yana ƙyalli, iri ɗaya ke nan. In kun ji laushin gashi, musamman a bayansa, ɗayan ne.

Ga abin da ya faru a wani ajinmu. Wani ɗalibi ya zo da reshe daga birni, babu fure ko ɗaya, an ce masa bogenbiliya ne. Yana so ya dasa a jikin danga don ƙayar ta tsare awaki. Muka ce a duba. Aka bi reshen da hannu, ba ƙaya. Aka dubi bakin ganye, ga haƙora. Aka murtsuke ganye ɗaya da ɗan ruwa, sai ga yauƙi kamar na kuɓewa. Ashe hibiskus ne. Da ya dasa a bakin hanya, da abinci ya kai wa awakin, gama suna son ganyen ƙwarai. Ga shi kuma mai son ruwa ne, da rani sai an yi ta ban ruwa, mu kuwa kun san zurfin rijiyoyinmu. Bogenbiliya, in ya kama ƙasa, yana jure fari, har ma ya fi yin ado da rani. In an cika masa ruwa da taki sai ya yi ta ganye kore kawai.

Abu ɗaya kuma. In kun karya reshe kun ga farin ruwa kamar na tumfafiya, to, ba ɗayan biyun nan ba ne. Waɗansu fulawa masu irin wannan ruwa dafi ne. Ku wanke hannu, kada ku bar yara ko dabbobi su kai shi baki.